Yadda ake sa DNS ya cire sabar da ta mutu daga amsa, da rawar da TTL ke takawa

Mu ɗauki wata makaranta a cikin garin Katsina da ke da shafin duba sakamako, `portal.example.com`. Babbar sabarta tana ofishin makarantar a wajajen Ƙofar Ƙaura, adireshinta `203.0.113.10`, akwai kuma ta ko-ta-kwana da aka yi haya a wata cibiyar bayanai, `198.51.100.20`. Ranar da wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, batirin inbata ya ƙare, ana so iyaye su faɗa kan ta biyun ba tare da an kira kowa a waya ba. DNS shi ne tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa adireshin saba. Zan yi bayanin da Route 53, hidimar DNS ta Amazon, amma tsarin kusan ɗaya ne a sauran masu ba da wannan hidima.

Lissafi ɗaya ne ya kamata ka riƙe tun farko. Tsawon lokacin da shafin zai yi a rufe shi ne lokacin da aka ɗauka kafin a gane sabar ta mutu, a haɗa da lokacin da tsohuwar amsa za ta yi a ajiye a wajen masu tambaya. Gwajin lafiya ne ke riƙe da na farko, TTL ke riƙe da na biyu.

Fara da rage TTL, tun kafin komai

TTL adadin daƙiƙun da aka yarda a riƙe amsar DNS ne kafin a sake tambaya. Wayar mai ziyara ba ta zuwa Route 53 kai tsaye. Tana tambayar risolba, wato sabar DNS ta kamfanin layinsa ko wata kamar `8.8.8.8`, ita kuma risolbar tana ajiye amsar har TTL ya cika. Idan rikodinka, wato bayanin da ke haɗa sunan shafinka da adireshinsa, yana kan 3600, risolbar da ta karɓi amsa daƙiƙa ɗaya kafin a sauya za ta ci gaba da tura mutane wajen matacciyar saba har awa guda, ko da kuwa Route 53 ya daɗe da cire ta.

Mayar da shi 60. Sai dai ragin ba ya kama aiki nan take, domin waɗanda suka riga suka ajiye amsa da tsohon TTL sai nasu ya ƙare tukuna. In da 86400 ne, sai ka jira kwana guda cur. Shi ya sa rage TTL bayan sabar ta riga ta faɗi ihu ne bayan hari.

Gina shafin da zai faɗi gaskiya

A kowace saba ka buɗe hanya kamar `/health`. Kada ta zama fayil da ke cewa lafiya lau kullum. Sau da yawa nginx, manhajar da ke miƙa shafin ga masu ziyara, yana tsaye daram alhali rumbun bayanai ya sume, ɗalibi yana ganin kuskure, mai gwaji kuma yana ganin komai daidai. Bari `/health` ta aika `SELECT 1` zuwa rumbun bayanai, in amsa ta zo ta mayar da `200`, in ba ta zo ba ta mayar da `503`. Ta kasance mara nauyi, saboda a gwajin HTTP Route 53 yana ba da daƙiƙa 4 a ƙulla haɗi, sannan daƙiƙa 2 a dawo da lamba mai farawa da 2 ko 3. Shafin da ya tsaya dogon lissafi zai sa a yanke wa lafiyayyiyar saba hukuncin mutuwa.

Ƙirƙiri gwajin, ka ɗaure shi da rikodi

A sashen `Health checks` ka yi gwaji ɗaya ga kowace saba, kuma ka nuna masa adireshin IP na sabar da hanyar `/health`. Kada ka ba shi sunan `portal.example.com` a matsayin inda zai buga, domin da zarar an sauya, sunan zai koma nuna saba ta biyu, gwajin ya riƙa auna wadda ba ita aka sa shi ba. `Request interval` yana da zaɓi biyu, daƙiƙa 30 ko 10, kuma na 10 yana da ƙarin kuɗi. `Failure threshold` yana zuwa a kan 3, wato sai an faɗi sau uku a jere.

Masu gwajin suna bugowa daga sassan duniya daban-daban, kuma ana ɗaukar saba lafiyayyiya muddin fiye da kashi 18 cikin ɗari nasu sun same ta. Idan katangar tsaronka tana rufe adireshin ƙasashen waje, ka buɗe wa jerin adireshin masu gwajin da Amazon ke wallafawa, in ba haka ba za su ce ta mutu alhali tana aiki.

Daga nan ka yi rikodin `A` guda biyu masu suna ɗaya, `Routing policy` ya zama `Failover`. Na `203.0.113.10` shi ne `Primary`, na `198.51.100.20` shi ne `Secondary`, kowanne da gwajinsa da TTL 60.

Lissafin daƙiƙun

A ce sabar ta mutu da ƙarfe 10:00 daidai. Gwaji uku a tazarar daƙiƙa 30 sun ci kusan daƙiƙa 90, don haka wajen 10:01:30 Route 53 zai fara ba da `198.51.100.20`. Mafi rashin sa'a shi ne wanda risolbarsa ta karɓi tsohuwar amsa gab da sauyin, shi sai 10:02:30. Minti biyu da rabi ke nan. Da TTL 3600 ne, da ya kai 11:01:30. Da tazarar daƙiƙa 10 kuwa, jimillar takan sauka zuwa kusan daƙiƙa 90.

Wasu sukan so su kai TTL zuwa 5. A ganina ribar ba ta kai wahalar ba. Tambayoyi suna ƙaruwa, Route 53 kuma da yawan tambaya yake cajin kuɗi, sannan mai ziyara daga ƙauyukan Daura da intanet ɗinsa ke jan ƙafa zai riƙa jiran sabuwar amsa a kai a kai. Ga shi ba kowa ke bin umarnin ba. Wasu risolbobi suna da mafi ƙarancin lokacin da suke riƙe amsa, kamar `cache-min-ttl` a Unbound, burauza tana da tata ma'ajiyar, manhajojin Java kuma suna bin `networkaddress.cache.ttl`. Haɗin da ya riga ya buɗe ma ba ya sake tambayar DNS sai ya yanke.

Kashe ta da hannunka ka gani

Da dare, lokacin da babu jama'a, ka tsayar da babbar sabar, sannan ka riƙa maimaita tambaya daga wata kwamfuta:

```
sudo systemctl stop nginx
dig +noall +answer portal.example.com
```

Lambar da ke bin sunan a amsar `dig` ita ce ragowar TTL. Za ka ga tana sauka daga 60, kuma bayan gwajin ya nuna `Unhealthy`, adireshin zai sauya a zagaye na gaba. Idan ka ga lamba ta haura 60, ko dai tsohon TTL bai gama fita ba, ko risolbar tana ƙara nata. Ka gwada ta layin MTN da na Airtel duka, don kowanne da tasa risolbar.

Idan sabobin biyu suka faɗi gwaji tare, Route 53 yana komawa ba da `Primary`. Hakan kan faru idan rumbun bayanai ɗaya suke sha, shi ya sa ta biyun ke buƙatar kwafinta da ake sabuntawa kullum, don DNS ba ya kwafe bayanai.

Ka kuma yi tanadin dawowa. Da wuta ta dawo, babbar sabar ta ci gwaji, Route 53 zai mayar da jama'a kanta da kansa, alhali makin da malamai suka shigar a lokacin matsalar yana kan ta biyu. Ka sa `/health` na babbar ta ci gaba da mayar da `503` bayan kowane tashi, har sai ka daidaita rumbunan biyu ka buɗe ta da hannunka.