Ka rubuta wa mai ɗora murya yadda zai furta

Idan za ka ba wani rubutun talla ya ɗora murya, kada ka tura masa kalmomi zalla. A saman kowane sashe ka sa umarni cikin baka, da jan rubutu don kada ya karanta shi.

Na taɓa biyan kuɗin situdiyo sau biyu kan tallar sabulu, mutumin ya karanto ta kamar sanarwar rasuwa. Yanzu nakan rubuta: (da fara'a, kamar kana zolayar abokin wasa). Wajen farashi kuma: (sassauta, dakata daƙiƙa 1 kafin lambar waya).

"Da motsin rai" ba ya gaya masa komai. Faɗi wanda yake yi wa magana.

Amma in ka cika umarni a kowane layi, karatun zai fito a daddatse.