Yadda ake rage ƙarar janareta, fanka da hayaniyar titi a lokacin kira ba tare da an lalata murya ba

Daga watan Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, don haka duk wanda ya ce ka kashe fanka kafin ka shiga taro ta waya bai san garin ba. In kuma aka ɗauke wuta, janareta ne zai tashi, naka ko na maƙwabci. Manhajojin kira suna da saitin da ke tace irin wannan ƙara, kuma yana aiki, amma yana da iyaka. Idan muryarka ta fi hayaniya ƙarfi a bakin makirfo, zai share hayaniyar ya bar murya. Idan ƙarfinsu ya zo kusan ɗaya, sai ya riƙa yankar muryar tare da hayaniyar. Saboda haka aikin yana farawa ne kafin a taɓa saiti.

Abu ɗaya da ke rikita mutane: a yawancin manhajoji wannan saiti yana tace abin da makirfonka ke turawa ne. Kai za ka ci gaba da jin janaretanka a kunnenka, wanda ke ɗaya ɓangaren ne zai samu sauƙi. In ƙarar daga wajensa take zuwa, shi ne zai kunna nasa.

Matakin farko: saurari abin da ke damun ka

Ƙarar janareta da ta injin fanka iri ɗaya ce, tana tafiya a kan layi guda ba ta canzawa. Wannan ita ce mafi sauƙin tacewa, domin manhajar tana gane ta cikin ɗan lokaci ta cire ta. Hayaniyar titi daban take: hon ɗin ɗan kabu-kabu, salansar babur da ta fashe, mai talla da lasifika, duk suna zuwa ne ba shiri su wuce. Mafi wuya kuma ita ce muryar mutane, kamar yara a tsakar gida ko masu ciniki a ƙofar shago, domin an gina saitin ne don ya kare muryar ɗan Adam, kuma sau da yawa ba ya bambance taka da tasu.

Fanka tana da matsala ta biyu wadda ta fi ta injinta. Iskar da ke bugun makirfo kai tsaye tana haifar da wani gurnani mai "buf-buf" da ke danne magana. Maganin wannan ba a cikin manhaja yake ba. Ka juya fankar ta riƙa kaɗa maka ta baya ko ta gefe, jikinka ya tsare makirfon. In fankar sama ce, ka matsa daga ƙarƙashinta kaɗan, ko ka rage ta da lamba ɗaya. Ɗan soso da aka sa a kan makirfo ma yana taimakawa sosai.

Akwai kuma wani zuzu da ba ta iska yake shiga ba. Wutar Najeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wani lokaci wannan kaɗawar tana bin caja ta shiga sauti, musamman a wutar ƙaramin janareta da caja maras kyau. Gwajinsa mai sauƙi ne: zare caja kana cikin kira ka tambayi abokin maganarka. In zuzun ya ɗauke, to ka yi taron a kan batir.

Mataki na biyu: kusanto da makirfo, nisanta da inji

A fili, duk lokacin da ka ninka tazarar da ke tsakaninka da tushen sauti, ƙarfinsa yana raguwa da kusan desibel 6. Haka nan duk lokacin da ka rage tazarar bakinka da makirfo da rabi, muryarka tana ƙaruwa da kusan 6. Ragin desibel 10 kunne yakan ji shi kamar ƙarar ta ragu da rabi.

A ɗauka wani malami ne a Mabera da ke karantar da yara Alƙur'ani ta Zoom bayan La'asar. Kwamfutarsa tana kan tebur, tazarar santimita 60 daga bakinsa, janareta kuma yana bayan taga, mita 3 daga inda yake zaune. Ya sa saitin tace ƙara a matakin ƙarshe, amma iyayen yaran suna ce masa, "Malam, muryarka tana nutsewa, ƙarshen aya ba ya fitowa." Idan ya sa iyafis mai waya, makirfon ya dawo santimita 15 daga bakinsa, ya rage tazarar da rabi har sau biyu ke nan, ya samu kimanin desibel 12. Idan ya ƙara wa janareta waya ya kai shi mita 12, can ƙarshen gida, ya sake samun kimanin 12. A cikin gida mai katanga lissafin ba zai cika haka ba, domin bango yana dawo da sauti, amma ko rabin wannan ya samu ya wadatar ya sauko da saitin ƙasa. Ya kuma juya bakin salansar ya kalli nesa da taga, ya ɗora injin a kan tsohuwar taya don kada girgizarsa ta bi siminti. Sai dai kada neman shiru ya sa a shigar da janareta ɗaki ko a rufe shi ruf, hayaƙinsa yana kisa.

Ni a ganina iyafis mai waya na kasuwa ya fi yawancin ƙananan na bulutut a wannan aiki, saboda makirfonsa yana kusa da baki, na bulutut kuwa yana can gefen kunne. Magana a buɗaɗɗiyar sifika ita ce mafi muni, domin wayar tana nesa kuma tana fama da amsa-kuwwar kanta.

Mataki na uku: kunna saitin, ka fara daga ƙasa

A Zoom na kwamfuta ka shiga Settings, sannan Audio. A sashen tace hayaniya za ka ga matakai huɗu: Auto, Low, Medium da High. Don janareta mai nisa ko fanka, Low ko Medium sun isa. High na wanda ke bakin titi ne, kamar mai shago a titin Ahmadu Bello da ba shi da ɗakin da zai shige. A wannan shafin akwai Automatically adjust microphone volume. Wannan yakan ɗaga ƙarfin makirfo idan ka yi shiru, sai ƙarar inji ta taso tsakanin jimloli ta sake sauka in ka fara magana. In ana jin haka, cire alamar ka saita ƙarfin da hannunka.

A Microsoft Teams saitin yana cikin Settings, sai Devices, sai Noise suppression. A Google Meet yana cikin Settings, sai Audio, amma samuwarsa ta danganta da irin asusun da kake amfani da shi. Sunayen maɓallan suna ɗan sauyawa idan aka sabunta manhaja, wurinsu dai bai cika barin sashen sauti ba.

Mai iPhone yana da nasa a jikin wayar. Kana cikin kira ka jawo Control Center, ka taɓa wurin saitin makirfo, ka zaɓi Voice Isolation. Ya fara zuwa a iOS 15 a shekarar 2021 don kiran manhajoji, aka ƙara shi a kiran layi da iOS 16.4 a 2023. Ka kiyayi Wide Spectrum, shi aikinsa kwaso duk sautin da ke ɗakin. A wayoyin Android kuwa abin ya danganta da kamfani da samfurin waya, sai ka duba saitin sauti ko na kira. Ko ba ka ga komai ba, yawancinsu suna da makirfo na biyu a sama ko a baya da ke sauraron hayaniyar waje don a rage ta. Riƙon da ya toshe wannan ɗan ramin, ko ƙurar hunturu da ta cika shi, yana ɓata tacewar.

Abin da ya fi lalata murya shi ne tara tacewa a kan tacewa. Iyafis na bulutut ya tace, Windows ya tace ta hanyar Audio enhancements, Zoom kuma ya zo ya tace abin da ya rage. Kowanne yana gutsurar kaɗan. Ka bar ɗaya, ka kashe sauran ko ka kai su ƙasa.

Mataki na huɗu: gwada da kunnen wani

Ka tayar da janareta, ka kunna fanka yadda za su kasance a ranar taron, ka sa wani ya shiga kiran daga wani ɗaki ko wani gida. Ka karanta masa jimlar da ke cike da haruffa masu huci, misali "Shehu ya sayi fatsa da tsintsiya shida a Sifawa", sau ɗaya da ƙarfi, sau ɗaya a hankali, a kowane mataki na saitin. Dalilin zaɓen irin wannan jimla shi ne s, sh, f, h da ts suna kama da hucin iska, su saitin ke fara cinyewa idan ya yi tsanani.

Alamomin ɓarna ba su da wuyar ganewa. Murya ta koma kamar mai magana daga cikin randa. Farkon kalma ya yanke bayan ka ɗan yi shiru, "salamu alaikum" ta fito "lamu alaikum". Ƙarshen jimla ya dusashe, wanda ya fi shafar mai sanyin murya. Ko kuma muryar ta ɓace daidai lokacin da babur ya wuce. Kada a haɗa wannan da matsalar sabis: ita tana tsinke kalmomi ko ana hayaniya ko ba a yi, hoto ma yakan tsaya tare da ita. Ɓarnar saiti tana bin ƙarar ɗaki ne, kuma da zarar ka sauke matakin sai muryar ta cika, hayaniya ta ɗan dawo.

Lokacin da ya kamata a kashe shi gaba ɗaya

Mu koma kan malamin nan. Hira ta yau da kullum tana jure a gutsure mata harafi, mai sauraro zai cike da hankalinsa. Karatu ba ya jurewa. Bambancin sinun da sadun da sa'un mai ɗigo uku yana cikin wannan siririn hucin da saitin ke ɗauka a matsayin hayaniya. Jan madda da gunna kuma sauti ne da ke daɗewa a kan layi ɗaya, wani lokaci saiti mai tsanani yakan rage su a tsakiya ko ya sa su rawa. Haka abin yake ga mai rera ƙasida, ko mai son a ji kiɗa ko wani sauti da yake kunnawa a ɗakin.

Don irin wannan Zoom ya tanadi Original sound for musicians a shafin Audio. Bayan ka zaɓe shi a nan, sai ka shiga taron ka tabbatar maɓallinsa da ke saman allo yana kan On. Daga nan babu tacewa, duk abin da ke ɗakin zai wuce, shi ya sa bai dace ba sai an gama aikin mataki na biyu. Ɗalibin ma yana buƙatar hakan a nasa ɓangaren, tunda karatunsa ne malam ke gyarawa. In ƙarar ta yi yawa har ba za a iya zama babu tacewa ba, Low shi ne abin da za a iya yarda da shi, ko a matsar da darasin zuwa bayan Asuba, kafin gari ya yi zafi kuma kafin injinan unguwa su tashi.