Rahoton da ya tsaya a ranar Juma'a

Litinin da safe maigidana ya kira daga shagonmu na Kumasi, wai rahoton ciniki a Power BI bai motsa ba tun Juma'a. Na buɗe Refresh history, duk Failed.

Na fara zargin kalmar sirri, don ni na canza ta ran Alhamis. Na sabunta ta a Data source credentials, shiru.

Ashe akawunmu ne ya canza sunan jakar da fayil ɗin Excel na rahoton yake a SharePoint, daga Ciniki zuwa Ciniki2024, bai gaya wa kowa ba. A Power BI Desktop na gyara hanyar a matakin Source, na sake Publish. Sabuwar hanya sabon tushe ce a wurin Power BI, sai da na sake shigar da kalmar sirri kafin Refresh now ya wuce.