Kurakuran da ake yi wajen haɗa QR na lambar wayar shago, da abin da za a gwada kafin a buga

Idan ka bi titin Ahmadu Bello ko ka kutsa Dilimi a Jos, za ka ga QR a jikin banoni, a gilashin shaguna, har a ledar da ake zuba wa kwastoma kaya. Ka ɗaga waya ka gwada kaɗan daga ciki, za ka tarar wasu ba sa buɗe komai, wasu kuma suna kai ka wani shafi da ke neman kuɗi. QR rubutu ne kawai da aka mayar ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe da farare. Wani kamfanin Japan mai suna Denso Wave ne ya ƙirƙiro shi a 1994. Duk abin da aka rubuta a ciki ranar da aka haɗa, shi zai zauna har banar ta yage, don haka gyara kafin bugu ake yin sa.

Kuskuren farko wajen rubuta lambar wayar ne. Mu ɗauki wani tela da lambarsa, a misali, 0800 000 0000. Idan ya zuba ta haka a gurbin rubutu na shafin haɗa QR, wata wayar za ta gane lamba ce, wata kuma ta nuna ta a matsayin rubutu ko ta tura ta wajen bincike. Abin da ke sa waya ta buɗe wajen kira shi ne a rubuta haka:

```
tel:+2348000000000
```

An cire sifilin farko, an sa +234 a madadinsa, babu tazara. Masu barin sifilin bayan 234 suna da yawa, kuma kiran na iya ƙin shiga. In kuwa WhatsApp yake so a same shi, don a turo masa hoton ɗinki, rubutun daban ne:

```
https://wa.me/2348000000000
```

Nan babu alamar tarawa, babu sifilin farko, babu karan ɗori. Ya kamata mutum ya zaɓi ɗaya tun farko, ya kuma rubuta a ƙarƙashin hoton abin da zai faru, kamar "Kira mu" ko "Yi mana magana a WhatsApp". Cusa suna da adireshi da lamba uku cikin QR ɗaya yana sa ƙwayoyin su yi yawa su ƙanƙance, sai karantawa ta yi wuya.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya fi cin kuɗin mutane. Shafukan haɗa QR sukan ba da iri biyu, a allo za ka ga an rubuta `static` da `dynamic`. A na farko, lambarka ce a cikin hoton kai tsaye. Ba ya mutuwa, ba a biya masa kuɗin wata, kuma na kira ko data ba ya buƙata. A na biyu, adireshin kamfanin ne a ciki, su ne ke miƙa kwastoma zuwa lambarka. Amfaninsa shi ne ana iya canza lambar daga baya ba tare da sake bugu ba. Amma da yawa gwaji ne na 'yan kwanaki. In ya ƙare ba ka biya ba, sai su rufe, alhali ka riga ka buga leda dubu biyu. Gane shi ba wuya: ka haska shi da kyamara, kada ka taɓa, ka karanta abin da ya fito. In ka ga lambarka ko wa.me, lafiya lau. In ka ga wani gajeren adireshi da ba ka sani ba, akwai ɗan tsakani. A ganina shagon da lamba ɗaya kawai yake son bayarwa ba shi da buƙatar wannan ɗan tsakanin.

Af, kafin nan ma, a duba layin na waye. Sau da yawa yaron shago ne ke haɗawa, sai ya sa tasa lambar don shi ke riƙe da WhatsApp ɗin. Ranar da ya bar aiki, kwastomomi sun bi shi. Layin ya zama wanda mai shago ya yi wa rajista da sunansa, kuma wanda ake amfani da shi kullum, domin layin da aka daɗe da yasarwa kamfani na iya ba wa wani.

Sai wajen mai zane, inda ake lalata QR mai kyau don a ƙawata shi. Hoton yana buƙatar farin fili a kewayensa, faɗin ƙwaya huɗu ta kowane gefe. Na kira irin na sama yakan fito da ƙwaya 25 a tsaye, 25 a kwance. In aka buga shi santimita biyu da rabi a kan sitika, kowace ƙwaya milimita ɗaya ke nan, filin kuma milimita huɗu. Mai zane ya ga wurin kamar asara, sai ya yanke shi ko ya matso da rubutu har jikinsa. Haka nan jan hoton ta gefe ɗaya don ya cike gurbi, ko mayar da shi ruwan gwal a kan ja don ya dace da kalar shago. A bar shi murabba'i, mai duhu a kan mai haske. Tambari a tsakiya yana yiwuwa saboda QR na da matakai huɗu na jure lalacewa, L da M da Q da H, daga kusan kashi 7 cikin ɗari zuwa kusan 30. Mai son tambari ya zaɓi H, ya yi shi ƙarami, kada ya taɓa manyan akwatunan nan uku na kusurwa, da su kyamara ke gane inda hoton ya fuskanta.

A tura wa mai bugu fayil na SVG ko PDF, ko PNG babba, kuma a matsayin fayil. Hoton allo da aka tura ta WhatsApp an riga an matse shi, in aka faɗaɗa a bana sai bakin ƙwayoyin ya narke.

Girma kuwa nisa ke yanke shi. Ƙiyasin da aka saba shi ne faɗin QR ya kai kashi ɗaya cikin goma na nisan mai haskawa. Telan namu ya rataya bana a saman ƙofa, mai wucewa yana tsaye mita uku daga nan, ke nan yana buƙatar wajen santimita 30. In ba wurin haka, gara ya sauko da shi jikin ƙofa daidai ƙirji ya yi santimita goma.

Gwajin da aka fi yi, wato haska allon kwamfutar mai zane, bai isa ba, don allo na da haskensa kuma ba ya lanƙwasa. A ce wa mai bugu ya fitar da guda ɗaya a ainihin girman, a kan ainihin abin da za a buga. A kai shi shago a manna inda zai zauna. A gwada da rana tsaka, lokacin da bana mai sheƙi ko gilashi ke mayar da haske, a sake gwadawa bayan magariba da ƙwan shago. Kada a tsaya kan wayar mai gida. A nemi tsohuwar Tecno ko itel mai kyamara dishi-dishi, da iPhone guda. Wasu wayoyin sai ta Google Lens suke karantawa, wannan ba laifin hoton ba ne. In leda ce, a zuba kaya a ciki tukuna, a ga ko QR ɗin ya faɗa kan lanƙwasa.

Kuma a kai gwajin ƙarshe: a danna kira, a ji wayar shago ta yi ƙara, a tura saƙo, a ga ya shigo. QR mai kuskuren lamba ɗaya yana buɗewa tsaf, sai dai ya kai ka wajen wani. Sannan a rubuta lambar da manyan alƙaluma a ƙarƙashinsa, saboda masu ƙaramar waya mara kyamara da suke zuwa daga Katako ko Farin Gada su ma suna son kira.