Takardar tantance magunguna ranar ba da gado: inda aka fi yin kuskure

A ɗauki misalin wani dattijo daga Tudun Wadan Zariya, mai ciwon suga da hawan jini, da aka kawo bayan kwana biyu yana amai da gudawa. Ɗansa na riƙe da baƙar leda cike da magunguna. Kafin awa 24 ta cika da ba shi gado, ya kamata duk abin da ke cikin ledar nan ya hau takarda: sunan magani, ƙarfinsa, sau nawa ake sha, yaushe aka sha na ƙarshe, sannan hukuncin likita da dalilinsa.

Kuskuren farko shi ne kwafe abin da ke katin asibiti a ce an gama. Kati yana faɗin abin da aka rubuta wa Baba ne, ba abin da yake sha ba. An rubuta masa maganin suga metfomin miligiram 500 sau biyu a rana, amma ƙila tun da kuɗin magani ya tashi sau ɗaya yake sha, ko kuma ya bar shi wata guda. Gyaran shi ne a zazzage ledar a kan tebur, a ɗauki kowane kwali a tambaya: "Baba, wannan yaya kuke shansa? Jiya kun sha?" A gwada amsar da kati, a kuma tambayi wanda ke ba shi maganin a gida, domin sau da yawa wanda ya rako shi ba shi ne mai jinyar ba. Idan aka samu saɓani, a rubuta duka biyun.

Haka nan "ƙwaya ɗaya da safe" ba adadi ba ne. Amlodifin, maganin hawan jini, akwai na miligiram 5, akwai na 10. A karanta lambar da ke jikin kwalin, ita za a rubuta. Wanda aka ƙulla a farar leda babu suna kuwa, kada a yi masa cinta da launi. A kai wa mai harhaɗa magani ya duba.

Sai abin da majinyaci bai ɗauka magani ba. Idan aka ce "wane magani kuke sha?", na asibiti kawai zai lissafa. Sai an tambaye shi ɗaya bayan ɗaya: na ciwon jiki daga kemis fa? Jiƙo ko tsimi? Na ɗigawa a ido? Allura? A nan ne za a ji cewa Baba kullum yana shan daikulofenak saboda ciwon gwiwa. Wannan ba ƙaramin bayani ba ne. Mutumin da ruwan jikinsa ya ƙare, yana kan maganin hawan jini lisinofiril, ya haɗa da daikulofenak, ƙodarsa na cikin haɗari, kuma hakan zai iya bayyana dalilin hawan kiriyatinin, alamar raunin ƙoda, a gwajin jini.

Gurbin da aka fi bari fayau shi ne na dalili, kuma shi ya fi cutarwa. Likita ya yi daidai da ya tsayar da metfomin da lisinofiril, amma sai ya rubuta "an tsayar" kawai. Bayan kwana biyar wani likitan ne zai sallami Baba. Bai sani ba ko dakatarwa ce ta ɗan lokaci ko dainawa ce gaba ɗaya, ko ma mantuwa aka yi. Ko dai ya bar su, Baba ya koma gida suga da jini su hau, ko ya mayar da su tun ƙoda ba ta farfaɗo ba. Ga yadda ya dace a rubuta:

Metfomin: an dakatar saboda raunin ƙoda, a sake gwajin ƙoda kafin sallama, ba a komawa kansa muddin eGFR, ma'aunin aikin ƙoda, na ƙasa da 30.

Lisinofiril miligiram 10: an dakatar saboda ƙarancin ruwa da raunin ƙoda, a sake dubawa idan kiriyatinin ya sauko, an kuma auna fotasiyam.

Daikulofenak: an daina gaba ɗaya saboda raunin ƙoda, farasitamol a madadinsa.

Kowane layi na ɗauke da dalili da sharaɗin komawa idan akwai, sai sa hannu da kwanan wata. Maganin da aka ci gaba da shi ma a rubuta "an ci gaba", kada a bar wurin babu komai.

Ledar nan kuma kada a manta da ita. Idan ta kwana a ƙarƙashin matashi, mai jinya zai ci gaba da ba Baba lisinofiril ɗin da aka dakatar, don shi a ganinsa taimako yake yi. A karɓe ta a rubuta suna a ajiye, ko a sa a mayar da ita gida. Ranar sallama a ɗauko wannan takardar a bi ta layi-layi tare da ɗan, a ware masa na sha daban, na ajiyewa daban, a nuna masa kwalin daikulofenak a ce: "Wannan kada Baba ya ƙara sha, ko da an ba ku shi a kemis da wani suna."