Darasi na 9: Filin da raguna biyu ke tarayya a kai

Da damina, masu kiwo a gefen garin Tawa sukan kafa turke cikin ciyawa su ɗaure rago. Ragon yana cin abin da igiyarsa ta kai, wato da'ira, turken yana tsakiyarta. In turaku biyu sun yi kusa, da'irorin sukan shiga juna, a samu wani fili mai siffar ido wanda duka ragunan ke kaiwa. Nan ciyawa ke fara ƙarewa, nan kuma igiyoyi ke sarƙewa. Yau za mu auna shi.

A ce kowace igiya mita 5 ce, tsakanin turakun ma mita 5. Ku fita fili ku zana da'irorin da igiya da tsinke. Za su haɗu a wuri biyu. Ku ajiye dutse a kowane. In kun auna daga dutse zuwa dutse za ku samu mita 8,66. Wannan layin ya raba idon gida biyu daidai, don haka rabi ɗaya kawai za mu lissafa.

Da'ira guda: 5 × 5 × 3,14 = 78,5 murabba'in mita. Ku tsaya a turke ɗaya, ku ja igiya zuwa kowane dutse. Yankin da ya buɗe tsakanin igiyoyin biyu har bakin da'ira sulusinta ne, wato 26,17. Dalili kuwa, daga turke zuwa turke mita 5, daga kowane turke zuwa dutse ma mita 5, shi ya sa kowace kusurwa ta alwatikar da turaku biyu da dutse ɗaya suka yi digiri 60 ce. Biyu da suka haɗu a turken sun ba da 120, sulusin 360.

To amma cikin sulusin nan akwai alwatika mai kusurwa uku, turken da duwatsun biyu, wadda dole a cire. Gindinta 8,66, tsayinta rabin tazarar turaku, wato 2,5. Faɗinta a murabba'in mita 8,66 × 2,5 ÷ 2 = 10,83. A cire ta daga 26,17, saura 15,34. A ninka biyu: kusan murabba'in mita 30,7.

Inda aka fi yin kuskure shi ne a manta da cire alwatikar, a samu 52,3. Gane shi da sauƙi ne. Tsawon idon 8,66, faɗinsa 5, ko da ɗaki ne mai kusurwa huɗu ba zai wuce 43,3 ba.

Ku kula, sulusin nan yana aiki ne kawai in tazarar turaku ta yi daidai da tsawon igiya. In kun nisanta su zuwa mita 8, idon zai sirance, tsawonsa 6, faɗinsa 2. A irin wannan, ku ninka tsawo da faɗi, ku ɗauki kashi biyu bisa uku: 8, ainihin amsar kuwa kusan 8,2 ce. A mita 10 da'irorin taɓa juna kawai suke yi.

Aiki: igiya mita 4, tazarar turaku mita 4, daga dutse zuwa dutse mita 6,93. Nawa ne faɗin idon a murabba'in mita?