Ga masu tsoron jirgi, musamman tafiyar dare

Jama'a masu tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Jidda cikin dare, ku saukar da wakokinku a waya tun a gida, don a sama ba netwok.

Lokacin tashi ne tsoro ya fi kama mutum, injin na ruri kirji na dukan uku-uku. A nan sa wakar da ka haddace, wadda bakinka zai bi da kansa, bakuwar waka ba ta rike hankali. In jirgi ya daidaita sai ka koma mai sanyi, bugu 60 zuwa 80 a minti, kamar taushin garaya ko begen da ba kida, ka rika jan numfashi a baiti daya kana saki a baiti biyu. Kalangu da kidan biki kam a bar su sai an sauka.

Iyafis mai toshe kunne ya fi, don in karar injin ta sa ka kure murya to kunnenka zai yi zafi, barcin ma ya gudu. Jerin wakoki na minti 45 ya isa, ka sa ya mutu da kansa. Amma fa cire iyafis din in ma'aikatan jirgi suna bayanin tsaro.